Matatar Kalman: yadda na'ura ke gano inda take alhali ma'auninta na kuskure

Na'urar GPS da ke cikin wayar hannu ba ta taɓa faɗin ainihin wurin da mutum yake daidai-wa-daida. Ko a sarari, inda ba gini ba bishiya, takan yi kuskuren 'yan mitoci, kuma kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya: yanzu ta ce kana ɗan gabas, bayan daƙiƙa ɗaya ta ce kana ɗan yamma. Da a ce taswirar waya na nuna kowane awo yadda ya zo ɗanye, da ɗigon da ke wakiltar motarka ya riƙa tsalle-tsalle tsakanin kwalta da gefen hanya. Amma abin da muke gani shi ne ɗigo mai tafiya sumul. Akwai wani lissafi da ke tsakanin awon da na'ura ta ɗauko da abin da ake nuna mana, kuma mafi shahara a cikin irin wannan lissafi shi ne matatar Kalman, wadda littattafan injiniyoyi ke rubutawa `Kalman filter`.

Tunanin da ke ƙarƙashinta ba shi da wuya. Idan kana son sanin inda wani abu mai motsi yake, hanya biyu gare ka. Ta farko ita ce hasashe: ka san inda yake ɗazu, ka san gudunsa, sai ka lissafa inda ya kamata ya kai. Ta biyu ita ce awo: ka tambayi na'ura ta gaya maka. Kowace tana da rauninta. Hasashe yana da santsi, amma kuskurensa taruwa yake yi, ƙarami kan ƙarami har ya zama babba. Awo kuwa kuskurensa ba ya taruwa, sai dai kowane ɗaya na zuwa da hayaniya. Aikin matatar Kalman shi ne ta haɗa biyun, ta ba kowanne nauyi gwargwadon yadda ya cancanci a amince da shi a wannan lokacin.

Matafiyin da ya yi gyangyaɗi a motar haya daga Kano zuwa Zariya yana yin irin wannan a kansa. Yana farkawa ya duba agogo, ya ga an yi awa ɗaya ana tafiya, ya ce a ransa lallai an kusa Kwanar Dangora. Wannan hasashe ne. Sai ya leƙa ta taga cikin hazon hunturu, ya hango wani gari da bai gane sosai ba. Wannan awo ne mai dishi-dishi. In hazon ya yi kauri, ya fi dogara da agogonsa. In barcin ya yi nisa har bai san ko an tsaya shan mai ba, ya fi dogara da idonsa. Abin da Kalman ya yi shi ne ya mayar da wannan "ya fi dogara" zuwa lamba takamaimai, wadda kwamfuta ke sake lissafawa a kowane mataki.

Daga Baltimore zuwa duniyar wata

Rudolf Kalman ɗan asalin ƙasar Hungary ne, an haife shi a Budapest a 1930, danginsa suka yi ƙaura zuwa Amurka yana yaro. A 1960, lokacin yana aiki a wata cibiyar bincike a birnin Baltimore, ya wallafa takardar da ta bayyana wannan hanya. Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin haɗa awo masu kuskure don fitar da amsa mafi kyau ba. Tun farkon ƙarni na 19 Carl Friedrich Gauss ya yi irin wannan wajen lissafa hanyar da wani ƙaramin dutsen sararin sama mai suna Ceres ke bi, kuma Peter Swerling ya wallafa abin da ya yi kama da na Kalman 'yan shekaru kafin shi. Sai dai tsarin Kalman ya zo a tsaftace, kuma ya zo daidai lokacin da ake matuƙar buƙatarsa.

A wannan shekarar ce Kalman ya ziyarci cibiyar Ames ta hukumar NASA a California, inda wani injiniya mai suna Stanley Schmidt ke fama da wata matsala: yaya kumbon da ke hanyar zuwa duniyar wata zai san inda yake da gudun da yake yi? Dokokin motsi sun ba da hasashe. 'Yan sama-jannati kuma za su iya auna kusurwar da ke tsakanin wani tauraro da gefen duniya, wanda shi ne awo. Matsalar ita ce kwamfutar da ke cikin kumbon Apollo ƙarama ce ainun, wurin da take rubutu ta goge bai wuce gurbin lambobi 2,048 ba. Ba ta da wurin tara dukkan awon da aka yi tun daga tashi. Hanyar Kalman kuwa ba ta buƙatar tarihi. Abu biyu kawai take riƙewa daga matakin da ya wuce: ƙiyasinta na ƙarshe, da girman shakkar da take da ita a kan ƙiyasin. Duk abin da tsofaffin awo suka koyar ya riga ya narke cikin waɗannan biyun. Schmidt da abokan aikinsa suka gyara hanyar ta dace da tafiyar kumbo, ta shiga tsarin tuƙin Apollo. Kalman ya rasu a 2016.

Yadda ake auna shakka

Kafin mu shiga lissafi, sai mun san yadda ake sa wa shakka lamba. Idan aka ce wata na'urar GPS na da kuskuren mita 4, ba ana nufin kullum tana kauce wa gaskiya da mita 4 ba ne. Ana nufin idan ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauki awo da yawa, kusan kashi biyu cikin uku za su faɗa tsakanin mita 4 gaba da mita 4 baya, sauran su ɗan zarce.

Matatar ba ta aiki da wannan lamba kai tsaye. Tana ninka ta da kanta tukuna: 4 sau 4, wato 16. Wannan 16 ɗin za mu kira lambar shakka. Dalilin ninkawar shi ne kurakuran da ba su da alaƙa da juna ba sa haɗuwa kamar kuɗi. Kuskuren mita 3 da na mita 4 ba sa ba da mita 7, domin sau da yawa ɗaya na ja gaba ɗaya na ja baya. Lambobin shakkarsu ne ke haɗuwa: 9 da 16 su ba da 25, wanda ya yi daidai da kuskuren mita 5.

Mota ɗaya, daƙiƙa biyu

Mu ɗauki mota a kan miƙaƙƙiyar hanya tana gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa. Lambobin nan na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. A yanzu mun ƙiyasta cewa ta yi nisan mita 1,000 daga inda ta tashi, da kuskuren mita 2, wato lambar shakka 4. GPS ɗinta na ba da awo sau ɗaya a daƙiƙa, da lambar shakka 16.

Mataki na farko shi ne hasashe. Bayan daƙiƙa ɗaya ya kamata motar ta kai mita 1,020. Amma direba ba agogo ba ne. Wataƙila ya ɗan sassauta ƙafa, wataƙila ya kauce wa rami. Don haka duk daƙiƙar da ta wuce muna ƙara wa shakkarmu wani abu, a ce 5. Lambar shakka ta tashi daga 4 zuwa 9, wato kuskuren mita 3. A irin wannan motsi, hasashe ƙara shakka yake yi, ba ya rage ta.

Mataki na biyu shi ne gyara. GPS ya ce motar tana mita 1,025. Saɓanin da ke tsakanin awo da hasashe mita 5 ne. Tambayar ita ce kashi nawa na wannan saɓani za mu karɓa. Amsar Kalman ita ce a raba shakkar hasashe da jimillar shakkar biyun: 9 bisa 25, wato 0.36. Wannan shi ne kason gyara. Za mu karɓi kashi 36 cikin 100 na mita 5, wato mita 1.8. Sabon ƙiyasi ya zama mita 1,021.8. Ya fi kusa da hasashe fiye da awo, domin a wannan daƙiƙar hasashen ne ya fi ƙarancin shakka.

Abin lura yana nan a shakkar da ta rage. Ana cire mata kashi 36 cikin 100 ita ma, 9 ta koma 5.76, wanda ya yi daidai da kuskuren mita 2.4. Hasashe na da kuskuren mita 3, awo na da na mita 4, amma haɗinsu ya fi kowannensu daidaito. Ko awo mara kyau, in dai an san iyakar rashin kyansa, yana ƙara sani.

Ga dukkan lissafin a layi biyar. Harafin x shi ne ƙiyasin wuri, v gudu, P shakkar ƙiyasi, Q shakkar da kowace daƙiƙa ke ƙarawa, R shakkar na'ura, z awon da ya shigo, K kuma kason gyara:

```
x = x + v
P = P + Q
K = P / (P + R)
x = x + K * (z - x)
P = (1 - K) * P
```

A daƙiƙa ta biyu sai a maimaita. Hasashe ya zama mita 1,041.8, shakka ta tashi zuwa 10.76. Wannan karon GPS ya ce 1,038, wato ya gaza hasashe da mita 3.8. Kason gyara ya kai kusan 0.40, don haka a ja baya da mita ɗaya da rabi, ƙiyasi ya tsaya a kan 1,040.3. In aka ci gaba a haka, cikin 'yan daƙiƙoƙi kason gyara zai zauna a wajen 0.42, kuskuren ƙiyasi kuma a wajen mita 2.6. A nan abin da hasashe ke ƙarawa da abin da awo ke ragewa suka yi kunnen doki.

Idan awo ya ɗauke

Yanzu a ce motar ta shiga wurin da saƙon taurarin ɗan'adam ba ya isa, kamar ramin da aka haƙa wa mota hanya ta ƙarƙashin dutse, har tsawon daƙiƙa goma. Matatar ba ta tsayawa. Tana ci gaba da matakin hasashe kaɗai, tana tura motar mita 20 kowace daƙiƙa, tana kuma ƙara 5 a kan shakka. Bayan daƙiƙa goma shakkar ta tashi daga kusan 7 zuwa kusan 57, wato kuskuren mita bakwai da rabi. Da awo na farko ya dawo, kason gyara zai zama 57 bisa 73, kusan 0.78. Matatar da ɗazu ke karɓar ƙasa da rabin abin da GPS ya faɗa, yanzu ta karɓi fiye da kashi uku cikin huɗu. Babu wanda ya rubuta mata dokar cewa in an fito daga rami a saurari GPS. Lambar shakkar ce ta kai ta can da kanta.

A na'urorin gaske, abin da ake ƙiyastawa ya wuce wuri kaɗai. Ana haɗa wuri da gudu da alkibla gaba ɗaya, kuma matatar na riƙe da yadda kuskuren ɗaya ke da alaƙa da na ɗayan. Wannan ya ba ta damar gano abin da ba a auna ba kai tsaye. Idan awo ya riƙa nuna motar gaba da inda aka yi hasashe, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, matatar za ta gyara wuri, ta kuma ɗaga ƙiyasin gudu, domin bayanin da ya fi dacewa shi ne motar ta ƙara sauri. Da irin wannan ne jirgin sama da jirgi mara matuƙi ke haɗa GPS, mai jinkiri amma mara ɓata, da ƙananan na'urorin jin motsi da juyi, masu sauri amma masu zamewa a hankali.

Me ake nufi da cewa ita ce mafi kyau?

Ana yawan cewa babu ƙiyasin da ya fi na matatar Kalman. Maganar gaskiya ce, amma da sharaɗi. Ma'anarta ita ce in aka maimaita aikin sau da yawa, aka ninka kowane kuskure da kansa, aka ɗauki matsakaici, babu wata hanya da za ta ba da lamba ƙasa da tata. A misalinmu, da an ɗauki kason gyara 0.5 maimakon 0.36, da shakkar ta tsaya a 6.25 maimakon 5.76. Da an ɗauki 0.2, da ta kai 6.4. Ko ta wane gefe aka kauce, asara ce.

Sharuɗɗan su ne waɗannan. Dole dokar motsin ta zama miƙaƙƙiya, wato in an ninka sanadi sau biyu sakamako ya ninku sau biyu. Dole kurakuran su zama ba su karkata gefe ɗaya ba, kuma kuskuren yanzu bai dogara da na ɗazu ba. Dole su bi tsarin da aka saba gani, inda ƙananan kurakurai suka fi yawa, manya kuma ba safai ba. Sannan dole Q da R su zama na gaskiya. Duniya ba ta cika cika waɗannan sharuɗɗa duka ba. Tafiyar kumbo a ƙarƙashin jan duniya da na wata ba miƙaƙƙiya ba ce, shi ya sa Schmidt ya ɓullo da dabarar ɗaukar lanƙwasasshiyar doka a matsayin miƙaƙƙiya a ɗan gajeren zangon da ke kusa da ƙiyasin yanzu, a sake yin haka a kowane mataki. Dabarar na aiki sosai, amma daga nan alƙawarin "mafi kyau" ya faɗi, sai dai a ce "mai kyau in ƙiyasin farko bai yi nisa da gaskiya ba".

Inda take lalacewa, da yadda ake ganewa

Ciwon da ya fi kama wannan matata shi ne yarda da kai fiye da kima. A ce injiniya ya ɗauka motarmu ba ta taɓa sauya gudu, ya sa Q ya zama sifiri. Shakka ba za ta ƙara tashi ba, sai raguwa. Bayan awo 100 kason gyara zai faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin 100, wato matatar ta toshe kunne. Sai direba ya rage gudu zuwa mita 18 a daƙiƙa. Hasashe zai riƙa wuce motar da mita 2 kowace daƙiƙa, GPS na ta faɗin gaskiya ba mai saurare. Cikin minti ɗaya ƙiyasi zai kauce da kusan mita 100, alhali matatar na iƙirarin kuskurenta bai kai rabin mita ba. Wadda aka bar mata Q a kan 5, da kason gyara 0.42, kaucewarta a irin wannan hali ba za ta wuce mita 3 ba. In kuma aka zuzuta Q fiye da kima, sai a samu akasin haka: matatar ta riƙa bin kowane awo a guje, ɗigon ya koma rawar da aka so a kawar.

Matsala ta biyu ita ce awon da ya fita daga hankali. A tsakanin dogayen gine-gine, saƙon tauraron ɗan'adam kan bugi bango ya dawo kafin ya iso waya, sai awo ya kauce da mita goma-goma. In awo ɗaya ya kauce da mita 60 kuma aka karɓi kashi 42 cikin 100, ƙiyasi zai yi tsallen mita 25. Maganin da aka saba shi ne a sa shinge. Matatar ta san girman saɓanin da ya kamata ta gani, domin jimillar shakkar hasashe da ta awo kenan: kusan 12 da 16, wato 28, wanda ya yi daidai da mita 5.3. Duk saɓanin da ya ninka wannan sau uku, wato ya haura mita 16, sai a ajiye shi gefe. Sai dai shingen na da nasa haɗari: matatar da ta riga ta ɓata za ta riƙa watsi da awon da zai cece ta. Shi ya sa akan ƙara dokar cewa in an ƙi awo sau da yawa a jere, a ɗaga shakka a sake farawa.

Hanyar gane lafiyar matata ba ta buƙatar sanin gaskiyar wurin da motar take, kuma wannan abu ne mai amfani tunda ba a cika sanin ta ba. Saɓanin da ke tsakanin awo da hasashe ake dubawa. A rubuta shi na tsawon mintuna, a jera. A lafiyayyar matata, zai riƙa faɗawa sama da ƙasa ba tsari, matsakaicinsa kusa da sifiri, kuma kusan kashi biyu cikin uku na lambobin za su tsaya cikin iyakar da matatar ta yi tsammani, wato mita 5.3 a misalinmu. In aka ga sun jeru gefe ɗaya sau goma, sau ashirin, to dokar motsin ce ta gaza ko Q ya yi kaɗan. In sun fi iyakar girma akai-akai, an raina kuskuren na'ura ko na hasashe. In kullum sun yi ƙanana ƙwarai, an zuzuta shakka, ana asarar daidaiton da za a iya samu.

Saboda haka mafi yawan wahalar aikin ba a layi biyar ɗin nan take ba, tana wajen zaɓen R da Q. Na farko da sauƙi: a ajiye na'ura wuri ɗaya, a ɗauki awo da yawa, a ga yadda suka watsu. Na biyu ba ya aunuwa haka, domin shi ne ƙiyasin abin da dokar motsi ta bari a baya, kamar ƙafar direba, iska da gangare. Ana farawa da lamba mai ma'ana, a gwada, a duba jerin saɓani, a gyara.

Akwai kuskure guda da wannan gwaji ba ya kamawa. In na'ura ta karkata gefe ɗaya da adadi tsayayye, a ce kullum tana ƙara mita 10, matatar za ta bi ta sannu a hankali har ƙiyasinta ya karkata da mita 10 shi ma, jerin saɓani kuma ya koma tsaf kamar ba komai. Ba a gano irin wannan sai da ma'auni na biyu mai zaman kansa, ko a gwada na'urar a wurin da aka riga aka san matsayinsa. In an samu ma'aunin na biyu, injiniyoyi kan sa karkatar a cikin jerin abubuwan da matatar ke ƙiyastawa, ta riƙa lissafa ta tare da wuri da gudu tana cire ta daga kowane awo.